Ko Kun Sani?

Miyar da aka dafa, ko ta nama ko ta kifi, takan yi kwana 3 zuwa 4 ne a firij, muddin sanyinsa bai haura digiri 4 ba. A sa ta cikin awa 2 da saukewa, ko cikin awa 1 a lokacin bazara, a ƙananan robobi masu murfi, domin babbar tukunya takan daɗe da ɗumi a tsakiya. Idan aka ɗauke wuta, firij a rufe yakan riƙe sanyinsa kusan awa 4 kawai.

Miyar da ta lalace takan yi warin tsami, ta yi kumfa a sama, naman cikinta ya yi yauƙi, ko ta yi fumfuna. Amma ƙwayoyin cutar da ke sa amai da gudawa ba sa canza wari ko ɗanɗano, kuma wasu suna barin guba wadda tafasawa ba ta kashewa. Don haka miyar da aka dafa ranar Litinin, a zubar da ita ranar Asabar ko da tana ƙanshi.