Yadda Sabuwar Manhaja Ke Ƙwace Gurbin Burauza, Kira da Saƙo a Waya

Wayar Android tana da wasu ayyuka da ba ta yarda manhajoji biyu su riƙe a lokaci guda. Idan aka latsa adireshin shafi, burauza ɗaya ce za ta buɗe shi. Idan kira ya shigo, manhaja ɗaya ce za ta nuna fuskar amsawa, haka kuma manhaja ɗaya ce ke karɓar saƙon tes ta ajiye shi. Waɗannan guraben su ne ake samu a ƙarƙashin Default apps a cikin saitin waya. Koken da ya yawaita a 'yan shekarun nan shi ne mutum ya saka sabuwar manhaja, kashegari ya tarar fuskar kiransa ta canza, ko saƙonninsa sun koma wani wurin da bai sani ba, alhali bai tuna an nemi yardarsa ba.

A ƙa'idar Android, manhajar da aka saka daga waje ba ta da ikon ɗora kanta a gurbi. Tun fitowar Android 4.4 a 2013 aka taƙaita rubutu a rumbun saƙonni ga manhaja ɗaya tak wadda mai waya ya zaɓa. A 2019, da Android 10, aka haɗa guraben burauza, kira, saƙo da tantance kira a ƙarƙashin tsari guda: manhaja tana roƙo, wayar ce kuma ke fito da akwatin tambaya, ba manhajar ba. Ke nan a mafi yawan lokuta an yi tambayar. Abin da ya faru shi ne an yi ta a lokacin da babu mai karantawa, wato a 'yan daƙiƙoƙin farko bayan buɗe manhaja, sa'ad da akwatuna ke fitowa bi-da-bi da Turanci, mutum kuma yana danna Allow, OK da Set as default domin ya isa ga abin da ya zo nema.

Sau da yawa ma ba mai wayar ne ya danna ba. A kasuwannin waya irin su Farm Centre ta Kano, al'ada ce a sayi sabuwar waya a miƙa wa masu turi su cika ta da manhajoji, ko a gida a ba yaro ya tura ta Xender. Wanda ya tura shi ne ke buɗe kowace manhaja ya ga ko tana aiki, shi ne kuma ke amsa duk tambayoyin a madadin mai ita.

Dalilin da ya sa roƙon ya yawaita yana da ban mamaki, domin daga gyara ya samo asali. A Oktoba 2018 Google ta sanar cewa manhajar da ke Play Store ba za ta ƙara samun izinin karanta saƙonni ko tarihin kira ba sai in ita ce ke riƙe da gurbin saƙo ko na kira ko na mataimakin murya, in ban da wasu keɓantattun ayyuka. An yi dokar ne domin a hana kowace manhajar tocila ko wasa leƙa saƙonnin mutane, kuma ta yi tasiri. Sai dai ta mai da gurbin ya zama ƙofar shiga. Manhajar da ke son waɗannan bayanai ba ta da wata hanya illa ta ƙera wa kanta sashen kira da na saƙo, sannan ta nace a naɗa ta. Manhajojin nuna sunan mai kira, irin su Truecaller, suna da hujja ta gaskiya wajen neman wannan dama, tun da tace saƙonnin talla ba ya yiwuwa sai an ga saƙonnin. Wasu kuwa ba su da hujjar komai. Salon nacin ma ya girmi dokar: a 2016 Facebook Messenger ya riƙa nuna wa masu Android shafin da ke gayyatar su mayar da saƙon tes cikinsa, da babban maɓallin amincewa da ƙaramar hanyar ƙi, abin da ya jawo masa suka sosai. A 2023 kamfanin ya janye wannan aiki baki ɗaya.

Gurbin burauza kuma kuɗi ne tsagwaronsa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 domin injin bincikensa ya zama shi ne na farko a wayoyi da burauzoji, kuma a Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa ya yi kaka-gida a kasuwar bincike ba bisa doka ba. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ya san cewa akasarin mutane ba sa taɓa canza abin da suka tarar. Ƙananan burauzoji ma lissafinsu ke nan: duk shafin da aka buɗe ta cikinsu dama ce ta nuna talla.

Akwai kuma inda da gaske ba a tambaya. Kamfanin da ya ƙera waya shi ke cike guraben tun daga masana'anta, kuma sabunta tsari ko mayar da waya sabuwa na iya dawo da zaɓinsa. A wasu nau'o'in Android, saka sabuwar burauza yana goge tsohon zaɓi, sai a ga akwati mai Just once da Always a karo na gaba da aka latsa adireshi. Wanda ya danna Always cikin gaggawa ya naɗa sabuwar ke nan. Mafi muni ita ce manhajar ɓarna da aka ba izinin Accessibility. An yi wannan izini ne domin manhajojin taimaka wa makafi da masu lalura su iya karanta allo su kuma danna maɓalli, don haka mai riƙe da shi na iya amsa akwatin tambaya da kansa kafin ido ya gani. FluBot, wadda ta addabi Turai har hukumomin tsaro suka rushe ta a 2022, ta haka take mai da kanta manhajar saƙo. Daga Android 13 an fara toshe wannan izini ga manhajojin da aka saka daga fayil, amma tsofaffin wayoyi ba su da wannan kariya.

Guraben uku ba su yi daidai a haɗari ba. Canjin burauza galibi damuwa ce kawai: talla, cin data, da rasa kalmomin sirri da aka ajiye a tsohuwar. Canjin manhajar kira ya fi haka, domin tana ganin lambobin da ke waya da tarihin kira, kuma ta cikinta ake danna lambobin tura kuɗi na banki masu farawa da alamar tauraro. Gurbin saƙo shi ne mafi nauyi. Manhajar da ke kansa ce wayar ke fara miƙa wa duk saƙon da ya shigo, ita ce ke da alhakin ajiye shi da yin ƙarar sanarwa. Tana iya ɓoye saƙo, ta goge shi, ta aika wani da kuɗin mai layi, har ta rubuta saƙon da babu wanda ya aiko ta sa shi a cikin akwati. A ƙasar da alat na banki da lambar tabbatarwa ke zuwa ta tes, wannan ba ƙaramin iko ba ne.

A ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi da ke karɓar kuɗi ta tiransifa. An saka masa manhajar tace kira, daga nan alat ya daina yin ƙara, masu saye suna tsaye suna jira, shi kuma yana ɗora laifin a kan rashin sabis. Alamar farko tana nan a tsohuwar manhajar saƙonsa: idan ya buɗe ta, za ta nuna rubutun da ke neman a mayar da ita, ta kuma ƙi aika saƙo. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa gurbin ya bar hannunta. Gyaran yana nan:

```
Settings > Apps > Default apps > SMS app
```

A can zai ga jerin manhajojin da za su iya aikin, da alama a kan wadda ke riƙe da shi, sai ya zaɓi tasa ta asali. A wannan shafin ne kuma Browser app, Phone app da Caller ID & spam app suke. Na ƙarshen nan ya cancanci a lura da shi, domin gurbi ne mai zaman kansa: mai shagon zai iya barin manhajar ta ci gaba da nuna sunan mai kira ba tare da ya miƙa mata saƙonninsa ba. Sunayen matakan sun bambanta tsakanin kamfanoni. A Samsung ana kiran shafin Choose default apps, a wasu wayoyin Tecno da Infinix kuma sashen manhajoji App management ne sunansa, don haka hanya mafi sauri ita ce rubuta default a wurin binciken da ke saman Settings.

Saƙonnin tes ba sa ɓacewa saboda wannan canji, domin a rumbun wayar suke, ba a cikin manhajar ba. Alat ɗin da mai shagon bai ji ƙararsu ba galibi suna cikin wani sashe da sabuwar manhajar ta ware wa saƙonnin banki ko na talla. Bayan dawo da gurbin, saura ya shiga shafin sabuwar manhajar ya duba Permissions, ya cire izinin SMS, Contacts da Call logs idan har suna nan.

Abubuwa biyu ke rikitar da mutane a nan. Idan Facebook ko Instagram suka buɗe shafi a cikinsu, ba gurbin burauza ne ya canza ba, burauzar cikin gida ce tasu, kuma ba a Default apps ake gyara shi ba. Sannan akwai Reset app preferences, wanda masu gyara ke saurin dannawa. Yana share zaɓuɓɓukan da aka yi, amma yana haɗawa da izinin da aka bayar da sanarwar da aka kashe, ya kuma tayar da manhajojin da aka dakatar, ga shi ba ya cire manhajar da ta jawo matsalar.

Idan aka dawo da gurbi ya sake canzawa da kansa, ko shafin Settings ya riƙa rufewa da an doshi wurin, to zancen ya wuce na naci. Sai a tayar da wayar a Safe mode, inda manhajojin da aka saka daga baya ba sa aiki, a duba Accessibility da Device admin apps, a kashe duk baƙon suna, sannan a cire manhajar. Tun da ta riga ta ga saƙonni, dole a canza lambar sirrin banki daga wata wayar.

A iPhone lamarin ya ɗauki wata hanya. Sai a 2020, da iOS 14, Apple ta yarda a canza burauza da manhajar imel, a Disamba 2024 kuma iOS 18.2 ta tattara zaɓin a shafin Default Apps, har da na kira da saƙo. Tsarin Apple na hana canji ya rage ƙwace, amma ya yi shekaru yana hana mutane zaɓi. Android ta ba da zaɓin da wuri, ta bar tsaronsa a hannun akwatin tambaya guda ɗaya, wanda ke fitowa a lokacin gaggawa, sau da yawa kuma a gaban wanda ba shi ne mai wayar ba.