Amsar Farko Ga Koken Jama'a: Nazarin Abin Da Ya Sami Kamfanin United Airlines A 2017

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa idan koke ya fito bainar jama'a, sau da yawa amsar farko ta fi laifin kansa ɓata sunan kamfani. Za a kafa hujja da misali guda daga Amirka.

2.0 Yadda Abin Ya Faru

Ran 9 ga Afrilu, 2017, wani jirgi mai ɗauke da sunan kamfanin ya cika a Shikago, zai tashi zuwa Louisville. Bayan fasinjoji sun zauna, sai aka bukaci kujeru huɗu domin ma'aikata. Aka yi tayin diyyar dala 800, ba wanda ya karɓa. Sa'an nan aka zaɓi mutum huɗu, uku suka sauka, wani likita ya ƙi. Jami'an tsaron filin jirgin suka jawo shi ƙasa, har hancinsa ya karye, haƙora biyu suka fita. Fasinjoji suka ɗauki hoton abin, ya bazu duniya.

3.0 Kurakuran Amsar

Kashegari shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar da sanarwa. Kuskuren farko shi ne, ya ba da haƙuri a kan sauya wa fasinjoji jirgi, bai ambaci dukan ƙasa da jinin da kowa ya gani ba. Duk kalmar da ta gaza abin da ido ya shaida, jama'a kan ɗauke ta raini.

Na biyu, ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa yana kwatanta fasinjan da mai tayar da hankali. Wasiƙar ta shiga hannun 'yan jarida. Watau a lokacin rikici babu maganar cikin gida, kuma mai ɗora laifi a kan wanda aka cuta ya ƙara wa kansa abokan gāba.

Sai ran 11 ga wata ya ɗauki alhakin abin sosai. Ran 27 kamfanin ya sasanta da likitan, ya kuma bayyana cewa diyyar mai barin kujera don kansa za ta iya kaiwa dala 10,000. Amma kafin nan suna ya riga ya taɓu.

4.0 Kammalawa

Amsar da ta dace tana da rukuni uku: a faɗi cutar da sunanta, a ɗauki alhaki ba tare da "amma" ba, a sa ranar bayyana gyara. Wani zai ce yin haka kafin bincike na iya jawo shari'a. Gaskiya ne, sai dai amsa abin da kowa ya gani daban yake da yanke hukunci kan wanda ya yi laifi. Na biyun ne ke jiran bincike. Alamar cewa amsa ta kuskure kuwa ita ce, a ga mutane sun bar zancen laifin sun koma zancen amsar.