Aljihu Daban, Akwatin Shago Daban

Mai shagon tireda yakan je banki neman rance yana cewa cinikinsa na rana ya kai naira 50,000. Ma'aikacin banki ba zai yi masa musu ba, takardar shige da ficen asusunsa ta wata shida zai nema. A nan ake samun cikas: kuɗin ciniki, kuɗin adashe da gudummawar biki duk sun cakuɗe a asusu guda.

Maganin shi ne a buɗe wa shagon asusunsa, ciniki ya riƙa shiga can kullum. Sai mai shago ya yanka wa kansa albashi, a ce naira 60,000 a wata, cefane ya fito daga ciki.

Littafin kuwa na 'yan makaranta ya isa: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, sai shafin masu cin bashi. Ko sabulu aka ɗauka aka kai gida, a rubuta shi, domin irin wannan ɗauki-ɗaiɗai ne ke cinye jari. Kowane dare a ƙirga kuɗin akwati a gwada da littafi. In sun saɓa, akwai abin da ya fita ba a rubuta ba.