Laci da Filif-Fulof: Yadda Zanen Lokaci Ke Raba Gardama

A shagon masu sayar da kayan lantarki akwai wasu ƙananan aisi guda biyu da ido ba ya iya bambanta su sai an karanta lambar da ke bayansu. Ɗaya 74HC373, ɗaya 74HC374. Kowannensu ƙafa 20 gare shi, jerin ƙafafun iri ɗaya ne, kuma kowanne yana ajiye bit takwas, wato guraben sifili ko ɗaya guda takwas. Na farkon laci ne, na biyun filif-fulof. Idan aka cire ɗaya daga na'ura aka sa ɗayan, zai zauna daram a gurbin, amma sau da yawa na'urar ba za ta tashi ba. Duk bambancin nasu yana cikin amsar tambaya ɗaya ce: yaushe kowannensu yake sauraron abin da ake ba shi?

Bari mu ɗauki gurbi ɗaya kawai daga cikin takwas ɗin. Wayoyi uku ne suka shafe mu. Akwai D, inda saƙo ke shiga. Akwai Q, inda abin da aka ajiye ke fitowa. Sai ta ukun, wadda ke ba da izini, wato agogo, da ake rubutawa CLK. Wannan agogo ba ya nuna ƙarfe nawa. Wuta ce da ke hawa tana sauka a kan ƙa'ida, daga sifili zuwa bolt 5, ta dawo sifili, haka dai ba tsayawa. Idan wutar tana sama sai a ce 1, idan tana ƙasa a ce 0.

Laci yana duba matsayin da agogo yake ne. Muddin agogo yana sama, duk abin da D ta yi, Q za ta kwaikwaya nan take. Da zarar agogo ya sauka, sai Q ta tsaya a kan abin da ta gani na ƙarshe. Shi kuwa filif-fulof babu ruwansa da zaman agogo a sama ko a ƙasa. Abin da yake jira shi ne ɗan ƙiftawar da agogo ke tsallakawa daga 0 zuwa 1. A nan yake duban D sau ɗaya, ya ajiye, ba zai sake dubawa ba sai hawa na gaba. Mai waya a hannu zai gane wannan: laci kamar kyamara ce a buɗe, kana ganin duk motsin da ake yi har sai ka danna hoton ya daskare, filif-fulof kuwa hoton ƙarshe kawai yake nuna maka, ba ya sauyawa sai an ɗauki sabo.

Da baki abin yana da sauƙin faɗa, amma a zane ake gane wanda ya fahimta. Ga zanen lokaci na gwaji, inda aka haɗa agogo ɗaya da D ɗaya ga laci da filif-fulof a tare. `QL` ita ce fitar laci, `QF` ta filif-fulof. Lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kowace ɗigar layi nanosakan 10 ce, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Agogon yana kammala zagaye a nanosakan 100, wato yana bugawa sau miliyan 10 a daƙiƙa.

```
ns   0    50   100  150  200  250
CLK  _____‾‾‾‾‾_____‾‾‾‾‾_____‾‾‾‾‾
D    ___‾‾‾‾____‾‾____‾‾‾‾‾________
QL   _____‾‾__________‾‾‾‾‾‾‾‾_____
QF   _____‾‾‾‾‾‾‾‾‾‾_______________
```

Ba a karanta wannan zane layi bayan layi kamar wasiƙa. Ana ɗora rula ne a tsaye, a riƙa jan ta zuwa dama, ana duba abin da layukan huɗu ke yi a lokaci guda. Kafin a fara, yana da kyau a ɗauki fensir a ja layi a tsaye a duk inda agogo ya hau, wato a 50 da 150 da 250, sannan a ɗan shafe wuraren da yake sama. Layukan tsaye na filif-fulof ne, wuraren da aka shafe na laci.

A nanosakan 30, D ta hau. Agogo yana ƙasa, don haka babu wanda ya motsa. A 50 agogo ya hau, ya tarar da D a kan 1, sai `QL` da `QF` suka hau tare. Wanda ya tsaya a nan zai rantse abu ɗaya ne, kuma a nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa, domin idan D ta zauna lafiya duk tsawon lokacin da agogo ke sama, su biyun sakamako ɗaya suke bayarwa.

Rabuwar ta zo a 70. D ta sauka alhali agogo yana sama. Laci a buɗe yake, sai `QL` ta bi ta ƙasa. `QF` ko gezau, tana nan a kan 1 ɗin da ta kama a 50. A 100 agogo ya sauka, laci ya rufe a kan 0. Yanzu ga su nan suna riƙe da amsa biyu masu karo da juna, daga saƙo ɗaya da agogo ɗaya, kuma babu wanda ya lalace a cikinsu.

Tsakanin 110 da 130, D ta ɗan leƙo sama ta koma. Agogo na ƙasa, babu wanda ya gan ta. A 150 agogo ya sake hawa, D tana 0, sai a lokacin `QF` ta sauka.

Zagaye na biyun ya fi koyarwa. D ta hau a 170, nanosakan 20 bayan agogo ya riga ya hau. Ga filif-fulof ta makara. Laci kuwa ya karɓe ta, `QL` ta hau, a 200 agogo ya sauka ya kulle wannan 1 ɗin a ciki. D ta sauka a 220, amma `QL` ba ta sani ba sai a 250 da aka sake buɗewa. Duba `QF` a duk wannan tsakani: shimfiɗe take a ƙasa. Saƙon ya yi nanosakan 50 cur a sama, rabin zagaye ke nan, amma da yake bai yi daidai da hawan agogo ba, a wajen filif-fulof tamkar ba a taɓa aiko shi ba.

Akwai abin da wannan zane ya nuna wanda ake yawan mantawa. Abin da laci yake ajiyewa shi ne abin da D take a lokacin da agogo ke sauka, shi kuma wannan filif-fulof abin da take a lokacin hawa. Saboda haka idan aka miƙo maka zane ba a faɗa maka na wane ne ba, nemi wuri ɗaya da Q ta sauya a tsakiyar zaman agogo a sama. Idan ka samu, laci ne. Idan duk sauye-sauyen sun faɗo a kan layukan fensir, filif-fulof ne, ko kuma D ba ta motsa a inda za ta tona asiri ba. A zanen da'ira ma akwai alama: ɗan kusurwa uku a bakin ƙafar agogo na nufin filif-fulof, idan kuma da ɗan zobe a gabansa, to mai aiki da saukar agogo ne maimakon hawa.

Me ya sa masu ƙira suka fi jingina da filif-fulof? Ɗauki kishiyar Q ka mayar da ita cikin D, wato idan Q tana 1 a ba D 0, idan tana 0 a ba ta 1. Filif-fulof zai juya sau ɗaya a kowane hawa, ya fitar da bugu mai rabin saurin agogo. Da irin wannan ake gina masu ƙirga. Yi wa laci haka, da agogo ya hau Q za ta juya, juyin ya koma D, ya sake juya Q, abin ya yi ta zagayawa har agogo ya sauka, kuma ba wanda zai iya cewa a ina zai tsaya. Haka nan idan aka jera laci uku a kan agogo ɗaya ana so saƙo ya riƙa matsawa taki ɗaya a kowane bugu, sai ya zarce ta cikinsu gaba ɗaya a bugu guda.

Abin sha'awa, maganin wannan matsala daga lacin kansa ya fito. Yawancin filif-fulof laci biyu ne a jere, na farko yana buɗe idan agogo na ƙasa, na biyu idan yana sama. Ba su taɓa zama a buɗe tare, don haka babu hanyar da D za ta zarce kai tsaye zuwa Q. A lokacin hawa na farko ya rufe a kan abin da ya gani, na biyu ya buɗe ya fitar da shi.

Zanenmu ya ɗan yi ƙarya a wuri biyu. A zahiri Q ba ta sauyawa a daidai lokacin da agogo ya hau, tana jinkirin wasu nanosakan. Kuma ƙiftawar nan tana da faɗi: dole D ta natsu na ɗan lokaci kafin hawa, ta kuma ɗan dakata bayansa. Takardar bayanin kowane aisi tana ba da waɗannan a ƙarƙashin `tsu` da `th`. Mu ƙaddara namu yana buƙatar nanosakan 20 kafin hawa. D ta hau a 30, agogo a 50, ta tsira da ƙyar. Da a 45 ta hau, Q na iya kama 1, tana iya kama 0, tana ma iya rataya a tsakani na ɗan lokaci kafin ta faɗa gefe ɗaya. Irin wannan ce ke sa na'ura ta yi aiki yau gobe ta ƙi, musamman idan saƙon daga maɓalli ko wata na'ura mai agogonta daban yake zuwa. Shi ma laci yana da wannan sharaɗi, sai dai nasa a wajen saukar agogo yake.

Kada a ɗauka laci koma-baya ne. Tsofaffin furosesa irin su 8085 da 8051 suna aika adireshi da saƙo bi da bi a kan ƙafafu takwas ɗaya, AD0 zuwa AD7. Akwai ƙafar ALE da ke hawa, adireshin ya fito ya natsu tana sama, sannan ta sauka kafin saƙo ya maye gurbinsa. Aikin 373 ke nan: yana barin adireshin ya wuce da wuri, ya kulle shi a saukar ALE. Sa 374 a wurin, zai ɗauki abin da ke kan wayoyin a lokacin hawa, kafin adireshin ya daidaita, furosesa ta riƙa karanto umarni daga inda ba nan ba.

Idan lambar da ke bayan aisin ta goge, ana iya tantancewa a kan tebur da mita. A ba ƙafa ta 20 bolt 5, ta 10 da ta 1 a kai su ƙasa, sauran ƙafafun D ma a ɗaure su ƙasa kada a bar su suna lilo. Ƙafa ta 11, wadda ita ce LE a 373 kuma agogo a 374, a ɗaure ta sama. Sai a riƙa taɓa ƙafa ta 3 da 0 da 1 ana auna ƙafa ta 2. Idan mita tana bin hannunka, 373 ne. Idan ta tsaya a wuri ɗaya, sauke ƙafa ta 11 ka sake ɗaga ta. In sai a lokacin ta ɗauki sabon saƙon, 374 ne a hannunka.