Awon Falet Da Yadda Ake Jera Kwali A Kansa

Yau maganarmu a kan falet ce, wato dandamalin katakon nan da ake jera kaya a kai, injin ɗaga kaya ya sa yatsunsa biyu a ƙarƙashi ya ɗauke gaba ɗaya. Mu da muka tashi a cikin buhunan hatsi mun saba da lodin kai da kafaɗa. To amma wanda zai aika da citta ko zoɓo a kwali zuwa ƙetare, tilas ya san awon falet, in ba haka ba ya biya kuɗin lodi sau biyu.

Falet iri iri ne. Na ƙasashen Turai tsawonsa santimita 120, faɗinsa 80. Akwai mai 120 da 100, akwai na Amirka mai inci 48 da 40, sai mai 110 da 110 wanda aka fi gani a Japan da Koriya. Saboda haka kafin ka sayi kwali, tambayi mai karɓar kaya wane iri yake so. Kaurin falet kansa wajen santimita 15 ne, kuma a nan mutane ke tuntuɓe.

Ni ma na taɓa yi. Na auna tsayin cikin kwantena na sami santimita 239, kwalina kuwa tsayinsa 25, na ce hawa 9 zai ci, domin 225 ke nan. Aka jera, aka ɗaure. Da aka kawo bakin kwantena sai kaya ya ƙi shiga. Ashe na manta da kaurin falet, wanda ya mai da tsayin 240, kuma ban lura ƙofa ta fi ciki gajarta ba. Ranar nan sai da aka kwance kowane falet, na sake biyan 'yan dako, mai mota kuma ya ce sai an ba shi kuɗin jira.

Ga yadda lissafin yake. Ƙofar kwantena ta yau da kullum tsayinta wajen santimita 228 ne. Ka fid da 10, domin sai an ɗan ɗaga falet daga ƙasa kafin a shiga da shi, saura 218. Ka fid da 15 na falet, saura 203. Ka raba da 25, ka sami hawa 8, ragowar 3 a bar su. Tsayin kaya duka ya zama 215. In doguwar kwantena ce, wadda ƙofarta ta kai wajen 258, da wannan lissafi hawa 9 za ka samu.

Sai shimfiɗa. A ce kwalin tsawonsa 40, faɗinsa 30, falet kuma mai 120 da 100. A bakin da ke da 120 ka jera 4 ta gefen 30, sun ci 40 daga cikin 100. Sauran 60 ka juya kwalin, ka yi layi biyu uku uku. Goma ke nan cif, babu rata, babu leƙe. Hawa 8 sun ba ka kwali 80. A falet mai 120 da 80 kuwa, 8 ne a shimfiɗa, 64 gaba ɗaya.

To kada tsayi ya rufe maka ido ka manta da nauyi. In kowane kwali kilo 12 ne, na ƙasa yana ɗauke da 7 a kansa, kilo 84 ke nan, kuma haka zai zauna makonni a cikin teku. Kwali ba buhu ba ne. Buhu ana harɗa shi ya riƙe ɗan'uwansa, hatsin ciki ya ɗauki nauyi. Shi kwali ƙarfinsa a kusurwoyinsa huɗu yake. In ka ɗora kusurwa a kan kusurwa ya riƙe ƙarfinsa, sai dai jerin yakan so tsagewa. In ka harɗa kamar ginin bulo jeri ya kama jikinsa, amma kwali na iya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Abin da ya fi, ka miƙe da hawa na ƙasa kusurwa kan kusurwa, ka harɗa biyu na sama, ka sa kwali mai kauri a kusurwoyin jerin, sannan a naɗe da leda har ta kama katakon falet.

Kada ka yarda kwali ya leƙo waje da bakin falet ko da yatsa biyu ne, don kusurwarsa ta rataya ke nan a iska. Laima ma tana sanyaya kwali, balle kayan da aka jera a Kano za a kai Legas da damina. Alamar matsala ita ce ka ga cikin kwalin ƙasa ya kumburo, ko kusurwa ta lanƙwashe, ko jeri ya karkata. In ka ga haka tun a sito, rage hawa ɗaya. Gara asarar kwali 10 na wuri da a dawo maka da 80.