Jawabin Maraba a Daren Wasan Kalmomi: Abin da Baƙo Yake Bukatar Ji Kafin Ya Sa Hannu a Jaka

Daren wasan kalmomi a unguwa ba ya bukatar kaya masu yawa: zaure ko ajin makaranta, teburi biyu ko tabarma, fitilar caji saboda ɗaukewar wuta, sai allon wasan nan na Sikirabul da jakar haruffansa. Abin da ya fi wuya shi ne mintunan farko, lokacin da mai shirya taron zai miƙe ya yi wa sababbin zuwa maraba. Daga cikinsu akwai ɗan sakandare mai jin kunyar manya, akwai tela da ya rufe shago ya biyo abokinsa, akwai kuma dattijon da ya zo ya gani da idonsa ko caca ake koya wa yaran unguwa.

Wannan dattijon ya kamata a fara amsa wa. Bayan sallama da "iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa", mai shiri da ya san unguwarsa yakan faɗa ƙarara cewa ba a sa ko kwabo a wasan, maki kawai ake rubutawa a takarda, kuma ya sanar da lokacin tashi. Idan bayan isha'i ake zama, iyaye suna son sanin ƙarfe nawa 'ya'yansu za su dawo gida. Tsakanin magariba da isha'i kuwa lokacin ya yi kaɗan, wasa ɗaya ma da ƙyar zai ƙare.

Tarihi jimla biyu ya ishe shi. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ne ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, aka fara sayar da shi da sunansa na yanzu a 1948. Labarin da ya fi jan hankalin matasa shi ne na Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, wanda a 2015 ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, inda ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu ba ko ɗaya a zagayen ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambu.

Daga nan sai a buɗe allo. Kuskuren da masu shiri suka fi yi shi ne karanta dokoki daga takarda kamar sanarwar ofis, alhali dokar wannan wasa a kan allo take shiga kai. Allon yana da gida 225, goma sha biyar a tsaye, goma sha biyar a kwance. Haruffa ɗari ne a jaka, kowa ya ɗebi bakwai ba tare da ya leƙa ba, shi ya sa ake ɗaga jakar sama da ido. Kalmar farko dole ta bi ta gidan tsakiya mai tauraro, wanda yake ninka makin kalmar sau biyu.

A ce mai jawabi ya ɗauko haruffan KASUWA. K maki biyar ne, W huɗu, sauran huɗun ɗai-ɗai, jimla 13. Ya shimfiɗa ta haka kawai a kan tauraro, ta zama 26. Sai ya kwashe, ya ja ta hagu har K ta hau gidan ninka harafi da ke gida huɗu daga tauraron. Yanzu K ta zama goma, jimla 18, a ninka ya ba da 36. Haruffan nan ne dai, kalmar nan ce dai, amma an samu ƙarin maki goma. A nan ne sabon zuwa yake gane cewa sanin kalma rabin aiki ne, sauran rabin kuma inda aka ajiye ta.

Misali na biyu shi ne na zubar da haruffa bakwai gaba ɗaya, wanda ke kawo ladan maki 50. LITTAFI maki goma ce. Idan F mai huɗu ta hau gidan ninka harafi, ta koma 14, tauraro ya mai da ita 28, sannan a ɗora hamsin ɗin, 78 ke nan. Ladan ba a ninka shi, kuma wannan yana daga cikin abin da ake yawan musu a kai, don haka gara a faɗa tun da wuri.

Sai dai babbar rigima ba a lissafi take tashi ba. Tana tashi ne sa'ad da wani ya ajiye kalma, abokin wasansa ya ce babu ita. Jawabin da bai naɗa alƙali ba ya bar wa daren fitina. Alƙalin kuwa ƙamus ne guda ɗaya da kowa ya yarda da shi kafin a fara. Masu wasa da Turanci a gasannin Najeriya jerin kalmomin Collins suke bi, kuma a cikinsa akwai gajerun kalmomi irin su QI da ZA da baƙo zai rantse ƙirƙirarsu aka yi. Masu wasa da Hausa za su iya aza Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, a tsakiyar teburi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya fi tara kalmomi, har da waɗanda matashin Kano bai taɓa ji ba, shi ya sa bai dace da daren farko ba. Mai shiri ya bayyana cewa sunan mutum ko na gari ba ya shiga, kuma duk mai shakka ya ce "a duba" kafin mai kalmar ya ɗebi sababbin haruffa. In babu kalmar, a kwashe ta, zagayen ya wuce shi. A gasa akan ƙara wa mai kalmar maki biyar idan ta tabbata tana nan, amma a daren baƙi ya fi kyau a yafe wannan, domin tsoron tara yana hana sabon ɗan wasa buɗe baki.

Wasa da Hausa yana da tasa matsala da ya kamata a ambata. Jakar da ake saya a kasuwa don Turanci aka tsara ta: E goma sha biyu, A tara, K ɗaya tak, alhali Hausa A da K take ci. Ga kuma P biyu, V biyu, Q da X da ba su da aikin yi, babu ɓ, ɗ da ƙ. Mafita mai sauƙi ita ce a manna 'yar takarda a kan waɗannan shidan a mai da su haruffa masu lanƙwasa da ƙarin K, a bayyana makin kowanne kafin a fara. In ba haka ba, wani zai ajiye "kafa" yana nufin "ƙafa", a kwana ana gardama.

Abu na ƙarshe a jawabin shi ne wurin zama. Kada a haɗa baƙo da gwani fuska da fuska a daren farko, don wanda aka ba ratar maki ɗari biyu da wuya ya dawo mako mai zuwa. A zaunar da baƙi su kara da juna, kowanne da tsohon hannu a gefensa yana taya shi lissafi, a kuma ajiye agogon gasa mai ba kowa minti 25. Duk wannan bayani minti biyar ko shida ya ishe shi. Daga nan mai shiri ya miƙa jaka, kowa ya zaro harafi ɗaya, wanda nasa ya fi kusa da A shi zai fara.