Shafin farko na littafin ma'aikata: a rubuta shi don kunne

A masana'antun Sharada, Bompai da Challawa a Kano, yawancin masu ɗaukar buhu, masu shara da masu gadi ba su yi nisa a boko ba. Wasu sun tsaya a firamare, wasu allo suka yi, ajami suka iya. Amma idan aka ɗauke su aiki sai a miƙa musu littafin ƙa'idoji mai gabatarwa da Turancin lauyoyi, a ce su sa hannu ko su dangwala yatsa. Littafin yakan ƙare a ƙarƙashin katifa, ba a tunawa da shi sai ranar da rigima ta tashi.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce da fara aiki: irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Littafin ma'aikata ba ya maye gurbin wannan takarda, kuma ya kamata gabatarwar ta faɗi haka ƙarara. Aikinta kaɗan ne. Ta sanar da ma'aikaci mene ne wannan littafi, me kamfani ya ɗauka zai yi masa, me ake so daga gare shi, da wanda zai tambaya idan bai gane ba. Tarihin kamfani da yabon mai gida su jira wani shafin.

Mai rubutun ya sa a ransa cewa mutane da yawa jin gabatarwar za su yi, wani ne zai karanta musu, wataƙila kusa da ƙarar inji. Don haka kowace jimla ta ɗauki magana guda, mai karatu ya iya faɗinta da numfashi ɗaya.

A ɗauki misalin kamfanin sarrafa shinkafa da ya fassara gabatarwarsa kalma da kalma, har ta fito haka: "Hukumar gudanarwa na da hurumin ɗaukar matakan ladabtarwa a kan duk wanda ya gaza kiyaye ƙa'idojin halartar aiki." Hausa ce, amma lebura bai ƙaru da komai ba. Wace hukuma? Wane mataki? Makarar minti nawa ce laifi? Idan aka gyara sai ta koma: "Muna fara aiki da ƙarfe takwas na safe. Idan ba za ku samu zuwa ba, ku kira shugaban sashenku kafin takwas. Wanda ya yi fashi bai sanar ba, za mu fara yi masa gargaɗi da baki." Yanzu an san mai magana, an san lokaci, an san abin da zai biyo baya. An kuma zaɓi "ku" domin ta haɗa maza da mata, ta kuma zo da girmamawa ga dattijon da ke gadi a bakin ƙofa.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen sauƙaƙa adadi. Doka ta ce wanda ya yi wata 12 a jere yana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashinsa. Marubuci mai gaggawa sai ya rubuta "hutun mako guda", alhali a wurin da ake aiki Litinin zuwa Juma'a mako guda kwanakin aiki 5 ne, an tauye ma'aikaci kwana ɗaya ke nan. Kalma ake sauƙaƙawa, lamba kuwa a bar ta yadda take. Haka kuma kada a sa barazanar "za a yanke albashi" don kawai ta fi saurin shiga kunne, domin sashe na 5 na dokar ya taƙaita cire kuɗi daga albashi da sunan tara.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A kira ma'aikata kaɗan daga sassa daban-daban, har da wanda bai iya karatun boko ba, a karanta musu. Kada a tambaye su "kun gane?", domin kunya da tsoron rasa aiki za su sa kowa ya gyaɗa kai. A tambayi ɗaya: "Malam, gobe yaronka ba shi da lafiya, wa za ka kira, kuma kafin ƙarfe nawa?" Idan amsoshi suka bambanta, jimlar ce za a gyara.

Bayan nan a buga shafin da manyan haruffa, a yi kwafin ajami ga masu buƙata, a naɗi murya a tura wa ma'aikata ta waya. Kada a karɓi sa hannun kowa sai an karanta masa gabatarwar ya kuma samu damar yin tambaya.